Rahoton Wata-wata Kan Buƙatun da Ke Jiran Amsa: Yadda Ake Haɗa Shi da Yadda Ake Karanta Shi

Rahoton buƙatun da ke jiran amsa takarda ce da sakatare ko manaja yake gabatar wa kwamitin gudanarwa a zamansa na kowane wata. Tana bayyana yawan takardun neman wani abu da aka karɓa amma ba a yanke hukunci a kansu ba, da tsawon lokacin da suka yi a ajiye, da ko suna ƙaruwa ne ko raguwa, da kuma abin da ya tsayar da su. Ana rubuta irinsa a bankuna kan koke-koken abokan hulɗa, a kamfanonin inshora kan masu neman diyya, a asibitoci kan masu jiran tiyata, da ofisoshin filaye kan masu neman takardar mallaka. Tsarinsa ɗaya ne a ko'ina, don haka misali guda ya isa a gane shi.

Misalin da za a bi a nan shi ne na ƙungiyar gama kai ta ma'aikata, irin wadda ake cirar adashin mambobinta daga albashi, sannan su nemi bashi idan buƙata ta taso. Alƙaluman da za su biyo baya na kwatance ne, an tsara su don a ga yadda lissafin yake tafiya. A ɗauka dokokin ƙungiyar sun ce duk wanda ya nemi bashi zai ji amsa cikin kwana 21, ko an ba shi ko an hana shi.

Fara ƙidaya

Kafin a rubuta lamba ko ɗaya, dole kwamiti ya tsayar da magana kan abu biyu: ranar da buƙata take fara jira, da ranar da ake cewa ta fita. Idan an bar wannan ga akawu, kowane wata zai zo da nasa lissafi. Abin da ya fi tsare haƙƙin mamba shi ne a fara ƙidaya daga ranar da ya miƙa fom ɗinsa aka buga masa hatimi, ko da akwai takardar da bai haɗa ba. Idan aka ce sai fom ya cika sannan za a shigar da shi rajista, to duk kwanakin da ya yi a cikin aljihun tebur sun ɓace daga lissafi, alhali mai shi yana gida yana ƙirga su.

Haka kuma fita tana da hanyoyi uku kacal: an biya kuɗin, an ƙi amincewa an kuma sanar da mai shi a rubuce, ko shi da kansa ya janye. Amincewar kwamitin bashi ba fita ba ce. Mamban da aka ce an amince da bashinsa tun wata biyu, amma kuɗi ba su shiga asusunsa ba, har yanzu jira yake yi, kuma wajibi ne rahoto ya nuna shi a haka.

Lambobi huɗu da dole su yi daidai

Gindin rahoton lambobi huɗu ne: abin da aka shigo da shi daga watan jiya, sababbin da suka shigo, waɗanda aka kammala, da abin da ya rage a ƙarshen wata. A misalin ƙungiyar, watan Maris ya fara da buƙatu 120. Sababbi 90 suka shigo. An kammala 70: an biya 55, an ƙi 10, mutum 5 sun janye. Idan aka haɗa 120 da 90 aka cire 70, saura 140, kuma da su za a shiga Afrilu.

Wannan lissafi mai sauƙi shi ne gwajin farko na gaskiyar rahoto. Lambar da Fabrairu ya rufe da ita dole ta zama ita ce Maris ya buɗe da ita. Idan rahoton Fabrairu ya ce saura 120, na Maris kuma ya fara da 112, to buƙatu takwas sun ɓace a tsakani, kuma kowace tana da mai ita. Wani lokaci dalilin ba na ha'inci ba ne, kamar fom ɗin da aka shigar sau biyu aka goge ɗaya. Duk da haka sai a rubuta gyaran a layinsa na daban tare da bayani. Mamban kwamiti da ya zo zama riƙe da rahoton watan jiya yana iya yin wannan gwaji cikin minti ɗaya.

Rarraba waɗanda aka kammala ma yana da dalili. Lambar 70 ita kaɗai ba ta nuna ko an taimaki mutane ne ko an sallame su hannu rabbana. Idan a wani wata kammalawa ta tashi zuwa 100, amma 45 daga ciki ƙi ne, layin ya ragu a takarda, matsalar mambobi kuwa tana nan.

Daga yawan buƙatu zuwa tsawon jira

Mamba bai damu da ko buƙatu 140 ne a gabansa ko 40 ba. Abin da yake tambaya shi ne yaushe zai ji amsa. Akwai ƙa'idar lissafi da ke haɗa waɗannan biyu, wadda masani ɗan Amurka John Little ya tabbatar da ita a 1961, ake kuma kiranta da sunansa. Ana rubuta ta haka: L = λW. Ma'anarta ita ce yawan abin da ke cikin layi daidai yake da yawan abin da ke wucewa a kowane lokaci, a ninka shi da tsawon zaman da kowane yake yi. Idan aka juya ta, sai a raba abin da ke jira da abin da ake kammalawa a wata, a sami kimanin tsawon jira.

A ƙungiyar, 140 a raba da 70 ya ba da wata biyu. Wato wanda ya kawo fom a ƙarshen Maris, idan ana bin layi kuma aikin ya ci gaba da tafiya yadda yake, zai yi kusan kwana 60 kafin ya ji amsa, kusan ninki uku na wa'adin kwana 21. Ƙa'idar ta fi yin daidai idan shiga da fita sun yi kusan kai ɗaya na tsawon lokaci. A inda layi yake ta ƙaruwa, ƙiyasi kawai take bayarwa. Amma ko ƙiyasin ya isa ya nuna wa kwamiti cewa alƙawarin da ke rubuce a dokokinsa ya daina aiki.

Ana iya amfani da ita ta ɗaya fuskar. Idan buƙatu 90 ke shigowa a wata, ana kuma so kowace ta fita cikin kwana 21, bai kamata abin da ke jira ya wuce kimanin 63 ba. Wannan ita ce lambar da za a auna 140 da ita. Layin da babu kowa a cikinsa ba shi ne buri ba, domin kullum akwai fom ɗin da ya shigo jiya.

Tsufan buƙatu

Jimilla tana ɓoye waɗanda suka fi shan wahala, shi ya sa sashe na biyu na rahoton yake kasa buƙatun gwargwadon daɗewarsu. Daga cikin 140 ɗin nan, 52 ba su wuce kwana 21 ba, suna cikin wa'adi. Guda 40 sun yi tsakanin kwana 22 da 45, guda 30 tsakanin 46 da 90, sai 18 da suka haura kwana 90. Ke nan 88 sun wuce wa'adi, fiye da rabi. Ya kamata iyakar rukunin farko ta zama daidai da wa'adin da doka ta gindaya, don kowa ya ga inda aka saɓa alƙawari ba tare da ya yi wani lissafi ba.

A nan ne ake yawan yin kuskure wajen amfani da matsakaici. A ɗauki fayil biyar da suka yi kwana 5, 6, 8, 9 da 122. Idan aka haɗa su aka raba biyar, matsakaicin kwana 30 ne, lambar da ba ta dace da ko ɗaya daga cikinsu ba. Idan kuwa aka jera su daga ƙarami zuwa babba aka ɗauki na tsakiya, kwana 8 ne, wanda ya fi nuna abin da yawancin mutane suke gani. Sai dai shi ma na tsakiyan ya rufe ido ga mai kwana 122. Saboda haka rahoto mai kyau yakan kawo duka biyu a gefe guda: adadin kwanakin fayil na tsakiya, da jerin fayil goma mafi daɗewa, kowane da ranar shigarsa da inda ya tsaya.

Wannan tsari yana cikin dokokin ƙasashe ma. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta Nijeriya ta 2011 ta ba hukumomin gwamnati kwana bakwai su amsa wa mai neman bayani, da damar ƙarin wasu bakwai a wasu yanayi. Ta kuma wajabta musu miƙa rahoton shekara ga Babban Lauyan Tarayya, wanda a cikinsa za su faɗi yawan buƙatun da ke jira da adadin kwanakin da na tsakiya ya yi. A Amurka, hukumomin tarayya sukan bayyana buƙatu goma mafi daɗewa a rahotonsu na shekara kan irin wannan doka. A Ingila ana fitar da alƙaluman masu jiran magani a asibitocin gwamnati kowane wata, ana auna su da wa'adin mako 18.

Inda lamarin ya dosa

Wata ɗaya ba ya nuna alkibla. Rahoto yana buƙatar ya jera aƙalla watanni shida, in da hali goma sha biyu ko sha uku. A ƙungiyar, abin da ya rage a ƙarshen Oktoba 70 ne, Nuwamba 78, Disamba 95, Janairu 104, Fabrairu 120, Maris 140. Cikin wata biyar layin ya ninka. Amma wannan jeri shi kaɗai bai faɗi dalili ba. Kamar randa ce da ruwanta ke tashi: ko dai ana zubawa fiye da da, ko an rage ɗiba. Sai an ajiye shiga da fita kusa da juna sannan a gane. A nan kammalawa ta tsaya kusan 70 a kowane wata, shiga kuwa ta tashi daga ƙasa da 80 zuwa 90. Ma'aikatan ofis ba su rage aiki ba. Buƙata ce ta fi ƙarfin abin da ake iya fitarwa.

Sai kuma a bambanta hawa na lokaci da hawa mai ɗorewa. Neman bashi a irin waɗannan ƙungiyoyi yakan ƙaru a watan Satumba da Janairu saboda kuɗin makaranta, da gabanin damina saboda taki da iri, da kuma gab da azumi da sallar layya. Hanyar da aka saba bi wajen gane hawan lokaci ita ce a gwada wata da takwaransa na bara. Wannan yana aiki ga kuɗin makaranta da damina, amma azumi da salla suna matsowa gaba da kimanin kwana 11 kowace shekara a kalandar Miladiyya. Cunkoson da ya faɗo a Afrilu shekara uku da suka wuce yana iya faɗowa a Maris bana. Mai rubuta rahoto ya kamata ya sa alama a watannin da waɗannan lokuta suka faɗo, don kada kwamiti ya ɗauki cunkoson salla a matsayin lalacewar aiki, ko ya ɗauki lalacewar aiki a matsayin cunkoson salla. Alamar da ke raba su ita ce hawan lokaci yakan sauka bayan wata ɗaya ko biyu. Layin da ya yi wata biyar yana hawa babu sauka ba na lokaci ba ne.

Dalilan jinkiri

Wannan sashe ne ya fi amfani, shi ne kuma aka fi yi wa rubutun ganin dama. Kalmomi irin su "ana kan aiki" ko "matsalolin gudanarwa" ba dalili ba ne, domin ba su nuna wanda zai motsa ba. Hanyar da ta dace ita ce a tsara gajeren jerin dalilai, biyar zuwa takwas, waɗanda ba a sauya su wata-wata, sannan a ba kowane fayil da ya wuce wa'adi dalili guda ɗaya tak: abin da yake jira a ranar ƙarshe ta wata. Idan aka bar fayil ya ɗauki dalilai biyu, jimillar ba za ta yi daidai da 88 ba, kuma ba za a san wanne ya fi nauyi ba.

A ƙungiyar, 36 an riga an amince da su, kuɗin biya ne babu, saboda adashin da aka cire daga albashi bai shigo asusun ƙungiya a kan lokaci ba. Guda 24 suna jiran sa hannun masu tsaya wa mai bashi. Guda 14 suna jiran ofishin biyan albashi ya tabbatar da abin da ya rage a albashin mai nema. Tara suna jiran zaman kwamitin bashi, biyar kuma akwai kuskure a fom, kamar lambar asusun da ba daidai ba. Dalilai biyu na farko sun ɗauki 60 daga 88, kimanin kashi biyu cikin uku. Haka abin yakan kasance: 'yan dalilai kaɗan ne ke riƙe da yawancin fayiloli, abin da masanin ingancin aiki Joseph Juran ya yaɗa da sunan ƙa'idar Pareto.

Jera dalilan daga babba zuwa ƙarami yana hana kwamiti kashe kuɗi a inda ba nan ciwon yake ba. Wanda ya ga 140 kawai zai ce a ɗauki ƙarin akawu. Amma sabon akawu ba zai kawo kuɗin biyan mutum 36 ba, ba kuma zai sa hannu a madadin masu tsayawa ba. Idan matsakaicin bashi naira 300,000 ne, waɗannan 36 suna buƙatar naira miliyan 10.8, kuma wannan magana ce tsakanin shugabannin ƙungiya da ma'aikatar da ke cirar adashin, ba aikin tebur ba.

Yana da kyau kuma a ware jinkirin da ke hannun ofis daga wanda ke hannun mamba ko wata hukuma. Sai dai a yi hattara, domin rukunin "ana jiran mamba" wuri ne mai sauƙin jibge fayil. Rahoto ya nuna ranar da aka sanar da mamban abin da ya rage, da sau nawa aka tuna masa. Idan mutum 24 sun kasa samun masu tsaya musu a lokaci guda, akwai yiwuwar sharaɗin ne ya yi tsauri, misali a ce sai mutum biyu masu babban matsayi, alhali kaɗan ne a ma'aikatar kuma duk sun riga sun tsaya wa wasu.

Yadda ake gane rahoton da aka yi wa kwalliya

Masanin tattalin arziki ɗan Birtaniya Charles Goodhart ya lura a 1975 cewa duk ma'aunin da aka mayar abin da ake hukunta mutane da shi yakan daina faɗin gaskiya. Idan kwamiti ya matsa kan jimilla kawai, za a sami hanyar rage ta ba tare da an biya kowa ba. Hanyoyin sanannu ne, kowace kuma tana barin sawu.

Ta farko ita ce a rufe tsohon fayil a ce mai shi ya sake nema, sai kwanakinsa su koma sifili. Alamarta ita ce ƙi ko janyewa su yi tsalle a wata guda, sababbin buƙatu su yi irin wannan tsalle a wata mai bi. Maganinta shi ne a sa layi na musamman na waɗanda suka sake nema cikin kwana 60, a kuma bar musu ranarsu ta asali. Ta biyu ita ce tsintar masu sauƙi: a riƙa fitar da sababbin fayiloli masu cikakkun takardu a bar masu wuya. A nan jimilla tana iya raguwa, amma rukunin da ya haura kwana 90 yana kumbura, sunayen fayil goma mafi daɗewa kuma ba sa sauyawa. Ta uku ita ce jinkirta shigar da fom cikin rajista har wata ya kama. Ana gano ta ne idan mai binciken kuɗi ya ɗauki fom ashirin ba tare da zaɓe ba, ya gwada ranar hatimi da ranar rajista.

Akwai kuma tsallake layi. A ƙungiyar da kowa ya san kowa, alfarma tana shiga cikin sauƙi. Dokokin ƙungiya suna iya ba da damar gaggauta bashin rashin lafiya ko na gobara, amma rahoto ya faɗi adadin waɗanda aka gabatar a wannan wata da hujjar kowane. Jerin fayilolin da ke zuwa gaban kwamiti ya kasance da lambar fayil kawai, ba suna ba. Wannan yana kare sirrin mai neman bashi, abin da Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta ƙarfafa, yana kuma rage yiwuwar a duba fuska kafin a yanke hukunci.

Abin da ake nema daga kwamiti

Sashe na ƙarshe shi ne shawarwarin da ake so kwamiti ya zartar, kowace da mai aiwatar da ita da ranar gamawa. Lissafin yana da sauƙi. Don a sauko daga 140 zuwa kusan 60 cikin wata huɗu, sai an rage 20 a kowane wata. Tunda 90 ke shigowa, dole a riƙa kammala 110, ƙarin 40 kan abin da ake yi yanzu. Rahoton Maris zai iya neman abubuwa uku: shugaba da ma'aji su gana da ofishin albashi kan adashin da ba a turo ba kafin tsakiyar Afrilu, kwamitin bashi ya riƙa zama kowane mako biyu maimakon sau ɗaya a wata, a kuma kai batun sassauta sharaɗin masu tsayawa gaban babban taron mambobi, tunda sauya dokar ƙungiya ba hurumin kwamiti shi kaɗai ba ne. Idan kuɗin ba za su samu ba, gaskiya ita ce a sanar da mambobi ainihin tsawon jiran, ko a rage iyakar bashi na ɗan lokaci, maimakon a ci gaba da karɓar fom da alƙawarin kwana 21.

Rahoton kansa bai kamata ya wuce shafi biyu ba: lambobi huɗu da tsufan buƙatu a shafin farko tare da jerin watanni, dalilai da shawarwari a na biyu, cikakken jerin fayiloli kuma ya zo a matsayin rataye. A rufe lissafi a ranar ƙarshe ta wata, a aika wa mambobin kwamiti kwanaki kafin zama don su karanta. Tsarin shafukan ya zauna yadda yake kowane wata, kuma rahoton Afrilu ya fara da bayanin abin da aka yi da shawarwarin Maris: wanne aka aiwatar, wanne ba a aiwatar ba, da yadda rukunin 36 da na 24 suka sauya a sakamakon haka.